Hadda Ko Fahimta: Yadda Ya Kamata Ɗalibi Ya Kasa Magunguna

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin ɗaliban likitanci da na harhaɗa magunguna da na jinya, daga Zariya zuwa Kano, daga Sakkwato zuwa Maiduguri har Yamai. Da zarar jarrabawar ilimin magunguna ta ƙarato sai ɗalibai su rabu gida biyu. Wasu su ce babu wata dabara sai hadda: ka ɗauki magani ɗaya-ɗaya, ka haddace sunansa da awonsa da illolinsa, ka wuce na gaba. Wasu kuma su ce a kasa magunguna dangi-dangi, a koyi babban kowane dangi, sauran su biyo baya. Malamai ma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu ganin kasa magunguna rukuni-rukuni hanyar malalata ce, wadda ke haifar da ma'aikacin da ke zaton duk maganin da sunansa ya yi kama da wani to halinsu ɗaya.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Ɗalibin da ke son ilimin nan ya zauna masa, ba ya zube ranar da aka fito daga zauren jarrabawa ba, wajibi ne ya kasa magunguna sau biyu. Kashin farko bisa wurin da magani ke kamawa a jiki da abin da yake yi a wurin. Kashi na biyu bisa illar da magunguna suka yi tarayya a cikinta, ko da ba dangin juna ba ne. Hadda tana da gurbinta, amma a ƙarshe take zuwa, kuma ba ta da yawa kamar yadda ake tsoro. Wanda ya tsaya a kashin farko kaɗai zai ci jarrabawa, amma akwai ranar da majinyaci zai suɓuce masa. Zan nuna dalilina da dangi guda, na magungunan hawan jini masu taɓa ƙoda, domin su ne ake rubutawa kullum a asibitocinmu, kuma su ne suka fi nuna amfanin hanyar da kuma iyakarta.

Mu fara da abin da jiki ke yi shi kansa, tun kafin a kawo maganar magani. Idan jinin da ke isa ƙoda ya ragu, ƙoda na sakin wani sinadari mai suna renin. Renin ya yanka wani furotin da hanta ke yi, ya fitar da anjiyotensin na ɗaya, wanda shi kansa ba ya da wani ƙarfi. Sai wani enzayim da ake kira ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, ya mayar da shi anjiyotensin na biyu. Wannan na biyun shi ne mai aikin. Yana matse jijiyoyin jini, sai bugun jini ya hau. Yana kuma umartar wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda ta saki aldosteron, shi kuwa aldosteron aikinsa ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da fotasiyam a fitsari. Sai kuma abu ɗaya da ɗalibai ke yawan tsallakewa: shi wannan enzayim na ACE yana da aiki na biyu, shi ne ke rusa wani sinadari mai suna biradikinin, mai buɗe jijiyoyi da tsokano jijiyoyin tari.

Labarin ke nan, bai kai rabin shafi ba. Yanzu a toshe ACE da lisinofiril, a tambayi ɗalibin da bai taɓa buɗe jerin illolin maganin ba: me kake tsammani? In ya fahimci labarin, da kansa zai lissafo. Anjiyotensin na biyu ya ragu, jijiyoyi sun saki, bugun jini zai sauka, kuma zai iya faɗuwa da yawa a shan farko ga wanda jikinsa ya bushe ko yake shan maganin sa fitsari. Aldosteron ya ragu, don haka fotasiyam zai taru a jini. Biradikinin ba mai rusa shi, don haka za a samu busasshen tari, wani lokaci ma kumburin leɓe da harshe da maƙogwaro. Ƙodar jariri a ciki tana buƙatar wannan tsari don ta ginu, don haka mai juna biyu ba ta shan sa. Illoli huɗu ke nan ba tare da haddar ko ɗaya ba, kuma sun hau kan kaftofiril da enalafiril da ramifiril da ferindofiril baki ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tarihin dangin ma kansa darasi ne. A shekarar 1965 wani masani ɗan ƙasar Birazil, Sérgio Ferreira, ya bayyana cewa dafin wani macijin ƙasarsu yana ɗauke da abin da ke ƙara wa biradikinin ƙarfi. Daga wannan zaren ne Miguel Ondetti da David Cushman suka kai ga kaftofiril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981. Wato tarin da ke damun masu shan waɗannan magunguna ba wani tsautsayi ba ne da ya faɗo daga sama, yana cikin asalin maganin tun ranar farko. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga inda riba ta fara fitowa. A kawo dangi na biyu, su losatan da balsatan da telmisatan. Su ba su taɓa enzayim ɗin ba, mazaunin da anjiyotensin na biyu ke kamawa suke toshewa. Tambaya ɗaya ɗalibi zai yi: me ya canza? Enzayim yana nan yana rusa biradikinin, saboda haka tari ya yi ƙaranci ƙwarai, kumburin ma ya ragu. Me bai canza ba? Duk abin da ya rataya a kan anjiyotensin na biyu: taruwar fotasiyam, taɓuwar ƙoda, haramci ga mai ciki. A mintuna kaɗan ya koyi dangi sukutum, kuma ya san dalilin da ya sa idan lisinofiril ya hana Hajiya barci da tari ake mayar da ita kan losatan, amma idan fotasiyam ne ya hau, wannan musanya ba ta maganin komai. Mai hadda ɗaya-ɗaya yana iya sanin jerin illolin magungunan biyu, amma a tambaye shi wacce musanya ce ke da amfani, sai ya tsaya yana kallon silin.

Maganar tarin nan kuwa ba ƙarama ba ce a wurinmu. A ƙasar da ake koya wa kowane ma'aikacin lafiya cewa tarin da ya wuce mako biyu a zargi tibi, busasshen tarin lisinofiril yakan jefa mutum cikin yawo: gwajin majina, hoton ƙirji, maganin tari kwalba bayan kwalba, sai kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba ya buƙata. Zargin tibi daidai ne, ba na cewa a daina. Amma kafin a tura dattijo layin gwaji karo na biyu, wa ya ce masa: Baba, nuna mini ledar magungunanka? Tarin babu majina, babu zazzaɓi, babu rama, ƙaiƙayi ne a maƙogwaro mai tsananta da dare, kuma yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu bayan an tsayar da maganin, ko da yake ga wasu yakan ja har wata uku. Wanda ya koyi dangin ta hanyar biradikinin ba ya mance wannan tambaya.

To, masu goyon bayan hadda suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa jarrabawa ba ta tambayar labari, tana tambayar suna da awo, kuma lokaci ƙanƙane ne. Suna ƙarawa da cewa mu mutane ne da aka raina da hadda tun muna ƙanana, ƙwaƙwalwarmu ta saba, me ya sa za mu yar da makamin da muka iya? Amsata ita ce ba wanda ya ce a yar. Awon magani ba ya fitowa daga fahimta, dole a haddace cewa ana fara lisinofiril da miligiram 5 zuwa 10 sau ɗaya a rana, kaftofiril kuwa sai sau biyu ko uku. Amma a yi lissafi da gaskiya. Magunguna biyar a dangi, kowanne da illoli shida, abubuwa talatin ke nan a warwatse. Idan biyar daga cikin shidan nan duk daga tushe ɗaya suke, ashe abin haddar ya koma labari ɗaya da 'yan bambance-bambance. Wa ya fi tsimin lokaci a nan? Sannan ilimin da aka haddace ba tare da igiyar da ta ɗaure shi ba, wata uku bayan jarrabawa sai ka neme shi ka rasa, alhali majinyaci ba ya zuwa a makon jarrabawa, bayan shekara biyar yake zuwa, da ƙarfe biyun dare.

Akwai kuma masu dogaro da gajerun kalmomin tuni, waɗanda ake haɗa haruffan farko na illoli su ba da wata kalma. Suna taimakawa wajen tuna jeri, ban musa ba. Amma ba sa gaya maka wacce illa ce ke kisa, wacce ce ke damu kawai, ba sa gaya maka wa ya fi shiga haɗari, kuma ba sa aiki ranar da aka kawo sabon magani da ba ya cikin kalmar.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kashin farko bai isa ba. Littafi yana kasa magunguna babi-babi: na hawan jini a nan, na ciwon gaɓɓai can, na ƙwayoyin cuta a wani zangon karatu daban, wataƙila ma malami daban. Amma jikin majinyaci bai san babi ba. Duk abin da aka haɗiya a jini ɗaya yake haɗuwa, ta ƙoda ɗaya yake fita.

A ɗauki misali, irin wanda duk wanda ya yi aiki a ɗakin majinyata ya san kamarsa. Wata Hajiya ce mai shekara 62, tana da ciwon suga da hawan jini, tana shan lisinofiril miligiram 10. Zuciyarta ta fara gazawa, aka ƙara mata isfironolakton miligiram 25 da furosemayid. An auna jininta, fotasiyam 4.4 mmol/L, cikin iyakar lafiya da ke tsakanin 3.5 da 5.0, kiriyatinin kuma 90 µmol/L. Har nan babu kuskure, haɗin nan yana tsawaita rai ga masu gazawar zuciya. Sai gwiwa ta matsa mata, jikanta ya je kemis ya sayo diklofenak, tana sha safe da yamma. Ga zafin bazara, sai gudawa ta kwana biyu ta same ta, aka ba ta seftirin. Ba ta daina ko ɗaya daga magungunan asibiti ba, domin an ja mata kunne kada ta yi fashi. Ranar da aka kawo ta, ƙafafu sun mutu, fitsari ya ragu, bugun zuciya ya yi sanyi. Fotasiyam 6.6, kiriyatinin 210, hoton bugun zuciya na ECG ya nuna tsinin T ya yi tsawo ya yi kaifi.

Wanne magani ne mai laifi? Ɗalibin da ya yi karatu babi-babi zai duba kowanne ya ga awonsa daidai ne. Amma a dube su ta fuskar ƙoda. Matatar ƙoda tamkar kwamin lambu ce mai mashigar ruwa da mafita: kafin ruwa ya taru ya yi aiki, sai mashiga ta buɗe, mafita kuma ta ɗan tsuke. Furostagilandin ne ke buɗe mashigar, diklofenak ya hana a yi shi. Anjiyotensin na biyu ne ke tsuke mafitar, lisinofiril ya kawar da shi. Furosemayid da gudawa kuma sun rage ruwan da ke zuwa tun daga tushe. Mashiga ta ƙuntata, mafita ta wangale, ruwa ya yi kaɗan, sai tacewa ta faɗi, kiriyatinin ya hau. A lokacin lafiya ƙoda na iya jure ɗaya daga cikin ukun, har biyu. Ranar da jiki ya bushe ne take buƙatar duka dabarunta, kuma a ranar aka ƙwace su.

Fotasiyam kuwa ta ƙofa huɗu ya taru. Lisinofiril ya rage aldosteron. Isfironolakton ya toshe mazaunin ɗan abin da ya rage. Diklofenak ya rage renin ya kuma rage tacewa. Na huɗun shi ne wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba: tirimetofirim da ke cikin seftirin yana toshe wata ƙofar sodiyam a ƙarshen bututun ƙoda, daidai yadda amilorayid ke yi, sai fitar fotasiyam ta ragu. Maganin ƙwayoyin cuta ne a littafi, amma a ƙoda yana aiki kamar maganin sa fitsari mai riƙe fotasiyam. Wane babi ne zai haɗa maka waɗannan huɗu a shafi ɗaya? Babu. Ɗalibi ne zai haɗa da hannunsa: ya ɗauki farar takarda, ya rubuta fotasiyam a sama, ya jero duk abin da ke ɗaga shi, kowanne da hanyarsa, ya ƙara da hefarin da gishirin masu hawan jini da ake yi da fotasiyam a madadin sodiyam. Wanda ya taɓa rubuta wannan shafi, da ya zazzage ledar Hajiya a kan tebur zai ga matsalar kafin sakamakon gwaji ya dawo. Zai san a tsayar da magungunan nan, a kare zuciya da allurar kalsiyam, a tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki da insulin haɗe da gulukos, a mayar da ruwan da aka rasa cikin lura saboda zuciyar mai rauni ce. Zai kuma san abin da ya kamata a faɗa mata tun ranar farko: Hajiya, duk ranar da gudawa ko amai ya kama ki, ki zo ko ki aiko kafin ki ci gaba da shan waɗannan, kuma kada a sayo miki maganin ciwon jiki a kemis sai farasitamol.

Kada wani ya ce wannan tsoro ne na ɗaliban da ba su ƙware ba. A 1999 aka wallafa binciken RALES, wanda ya nuna isfironolakton na rage mutuwa ga masu gazawar zuciya mai tsanani. Likitoci suka rungume shi. A 2004 David Juurlink da abokan aikinsa suka duba bayanan lardin Ontariyo na Kanada, suka ga cewa tsakanin tsofaffin da ke shan dangin lisinofiril waɗanda aka taɓa kwantarwa da gazawar zuciya, kwanciya asibiti saboda hawan fotasiyam ta tashi daga 2.4 cikin dubu a 1994 zuwa 11 cikin dubu a 2001. A ƙasar da gwajin jini ba wahala ke nan. Ina ga inda majinyaci zai biya kuɗin mota da kuɗin gwaji daga aljihunsa, har ya gwammace ya tsallake? Ka'ida ita ce a auna fotasiyam da kiriyatinin kafin a fara, a sake bayan mako ɗaya zuwa biyu, a kuma sake duk lokacin da aka ƙara awo. Hawan kiriyatinin da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba ana iya jure shi, domin alamar maganin na aiki ne a mafitar nan da muka ambata. Abin da ya haura haka sai a tsaya a bincika. Inda gwaji ke wuya, ilimin ma'aikaci ne kaɗai shingen da ya rage wa majinyaci.

Saura hujjar da ta fi kowace nauyi, ta malaman da ke cewa kasa magunguna dangi-dangi na koya wa yara sakaci. A nan dole in ba su rabin gaskiya, domin kama da wane ba ta wane. A duba magungunan da ke toshe ƙofar kalsiyam. Amlodifin da berafamil suna ƙarƙashin inuwa ɗaya a littafi, amma amlodifin jijiyoyin jini ya fi kamawa, shi ya sa yake kawo kumburin idon sawu da ciwon kai da jin zafi a fuska, berafamil kuwa zuciya ya fi kamawa, yana rage bugunta da ƙarfinta, yana kuma sa taurin bayan gida. Haɗa amlodifin da atenolol abu ne da ake yi kullum. Haɗa berafamil da atenolol na iya rage bugun zuciya har ta kusa tsayawa. Ɗalibin da ya ce ai duk dangi ɗaya ne, garin neman gira zai rasa ido.

Amma me wannan misali ya nuna? Bai nuna kasawa dangi-dangi kuskure ba ce, ya nuna an tsaya da wuri ne. Wanda ya kasa bisa sunan babi ya ga dangi ɗaya. Wanda ya kasa bisa inda magani ke kamawa ya ga gida biyu, na jijiya da na zuciya, kuma daga nan illolin kowanne suka fito da kansu. Har kumburin ƙafar amlodifin ya zama abin fahimta: ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ne suka buɗe fiye da masu ɗauke shi, ruwa ya tsatso cikin nama, ba wai jiki ya tara ruwa ba ne. Shi ya sa ƙara furosemayid ba ya wani tasiri, abin yi shi ne a rage awo ko a haɗa da dangin lisinofiril. Sau nawa ake ganin an ƙara maganin fitsari a kan wannan kumburi, majinyaci ya kwana yana zarya bayi a banza?

Inda malaman nan suka yi gaskiya cikakkiya shi ne akwai illolin da babu wata fahimta da za ta haifar da su. Tun 1977 Rawlins da Thompson suka raba illolin magani gida biyu: waɗanda ci gaban aikin maganin ne, masu bin awo, ana iya hango su, da kuma waɗanda ke faɗowa ba zato, ba ruwansu da awo. Saluɓewar fata da baki da idanu da seftirin ko nebirafin ko kabamazefin ke jawo wa wasu mutane tana cikin na biyun. Ɗacin baki da ƙuraje da suka fi yawa a kaftofiril daga wani ɓangaren ginin ƙwayarsa suke, wanda lisinofiril ba shi da shi. Enalafiril sai hanta ta sarrafa shi kafin ya fara aiki, lisinofiril ba ya buƙatar haka. Losatan na rage sinadarin yurik asid a jini, sauran 'yan gidansu ba su cika yin haka ba. Waɗannan sai hadda, babu makawa. Amma su ne gurbin haddar, kuma idan an ware su gefe ɗaya sai a ga ba su fi layi biyu ko uku ba a kowane dangi. Ƙwaƙwalwar da ba a cika ta da abin da za ta iya cirowa da kanta ba tana da sararin riƙe waɗannan da kyau.

Akwai wata iyaka kuma da ta shafe mu kai tsaye, wadda ban cika jin ana faɗa wa ɗalibai da ƙarfi ba. Littattafan da muke karantawa an rubuta yawancinsu ne bisa binciken da aka yi a kan wasu al'ummu. Baƙar fata masu hawan jini da yawa renin ɗinsu ƙasa yake, gishiri da ruwa ne suka fi tuƙa ciwon. To, in tsarin renin ba shi ne ke jan ragama ba, toshe shi kaɗai ba zai sauke jini sosai ba, kuma haka aka gani: dangin lisinofiril su kaɗai ba su kai amlodifin ko magungunan fitsari na tayazayid ƙarfi ba a wurinmu, ga shi kumburin leɓe da maƙogwaro ya fi yawa ga baƙar fata ninki da dama. A 2019 aka wallafa binciken CREOLE ƙarƙashin jagorancin Dike Ojji na Jami'ar Abuja, wanda aka yi a ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara a kan mutum 728. An gwada haɗi uku, aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki, ko da haidirokulorotayazayid ko da ferindofiril, ya fi haɗin ferindofiril da haidirokulorotayazayid sauke jini bayan wata shida. Wannan ba ya nufin a yar da dangin lisinofiril, domin mai ciwon suga da ƙodarsa ke zubar da furotin da mai gazawar zuciya suna buƙatarsu ko mene ne launin fatarsu. Abin lura shi ne ɗalibin da ya koyi dangin daga renin ya taho, wannan sakamako ba zai ba shi mamaki ba, wuri ne da ya riga ya share sai a ajiye masa kaya. Mai hadda kuwa wani layi ne sabo da zai ƙara a kan tulin da ke kansa.

To yaya za a yi a aikace? Shafi ɗaya ga kowane dangi, da hannunka, ba hoton takardar wani da aka turo maka a waya ba, domin amfanin yana cikin rubutawar. Ka fara da abin da jiki ke yi in babu magani. Ka sa alama inda maganin ya shiga. Ka rufe littafi ka ciro illolin da kanka, sannan ka buɗe ka gwada. Abin da ka ciro daidai ya zama naka. Abin da littafi ya kawo wanda ba ka iya cirowa ba, ko dai akwai gurbi a fahimtarka sai ka koma, ko kuma yana cikin na hadda sai ka rubuta shi a ƙasa da jan biro. Bayan ka gama dangi biyar ko shida, ka buɗe shafukan illoli. Na fotasiyam mun gani. Ka yi na kunne, inda jentamaisin da furosemayid da kwinin za su haɗu. Ka yi na hanta, inda uku daga cikin magungunan tibi huɗu na farko za su zauna tare da farasitamol. Ka yi na mai juna biyu, da abin da aka hana da abin da ake bayarwa a madadinsa, kamar metildofa da labetalol da nifedifin ga hawan jini. Waɗannan shafuka ba a gama su a zango ɗaya, duk sabon dangin da ka karanta sai ka koma ka ƙara musu layi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: shafin dangi yana gaya maka dalili, shafin illa yana gaya maka wa da wa bai kamata su haɗu a ciki ɗaya ba.

Kirana na ƙarshe ga malamai ne, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. Muddin takardar jarrabawa na cewa a lissafo illoli biyar na kaftofiril, to hadda za a yi, kuma ba laifin yaran ba ne. Ku ba su ledar magungunan Hajiya mai shekara 62, ku ba su fotasiyam 6.6, ku tambaye su wanne za a tsayar, saboda me, kuma me za a faɗa wa jikanta kafin ya sake komawa kemis. Ko tambaya ɗaya irin wannan ce a kowace jarrabawa, ku sa ta daga wannan zangon.